Da wane mudu kotu ke auna al'ada?

Aminu: Assalamu alaikum. Ga maganata, wanda ya ga kuskure ya gyara mini. Sharaɗin nan da ke cewa kotu ba za ta yi aiki da al'ada ba in ta ci karo da adalci da daidaito da lamiri nagari, mudun Bature ne, da shi aka auna mu aka ce ba mu cika ba. A Sakkwato kuma ya riga ya mutu, tunda Shari'a muke bi, Shari'a kuwa ba al'ada ba ce. A goge shi daga doka kowa ya huta.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam, Aminu. Abin da ake karantawa a kotu yau ba a ce ya mutu. Buɗe Dokar Shaida ta 2011, sashe na 18, ƙaramin sashe na 3. Majalisar Tarayya ce ta rubuta shi, shekara 51 bayan an sauke tutar Ingila. Yana nan kuma a Dokar Babbar Kotu ta Arewa ta 1963, sashe na 34, wadda jihohinmu suka gada.

Amma kafin a zo awo akwai aikin da mutane ke tsallakewa, kuma a nan yawancin ƙararraki ke karyewa. Alƙalin Babbar Kotu ba ya ɗaukar al'ada a matsayin abin da ya sani. Wanda ya jingina da ita shi zai rubuta ta a takardar da'awarsa, shi zai kawo shaidu a kanta, kamar yadda ake kawo shaidar bashi. Shaidun su ne hakimi ko dagaci ko dattawan da suka san abin, ko littafin da mutanen wurin suka yarda da shi. Hanya ɗaya ce ta kauce wa wannan wahala, wato a ce wata babbar kotu ta taɓa yanke hukunci a kan wannan al'ada, kuma sashe na 17 ya ce sau ɗaya ya isa. Sai an tabbatar al'adar tana nan, mutanen wurin kuma suna ɗaukarta tilas a kansu, sannan a ɗora ta a sikeli.

Sikelin ma ƙofa uku ne. Ta farko ita ce wadda ka ambata, adalci da daidaito da lamiri. Ta biyu, kada ta saɓa wa rubutacciyar doka, Tsarin Mulki a gaba. Ta uku, kada ta saɓa wa maslahar jama'a. Ka riƙe wannan rabon, domin ɓarnar da kake ɗora wa ƙofar farko, mafi yawanta ta ƙofa ta biyu ta shigo.

Malam Buhari: Hajiya Barista, rabin maganar yaron ga gaskiya ce, kuma hujjarta daga garin ga taf fito. Shari'ar Alkamawa da Bello, wadda Kotun Ƙoli tay yanke a 1998. An sayar da gida, maƙwabci yat tashi yac ce shi ya fi cancanta da saye, shina neman shufu'a. Kotu tac ce a mazhabar Malikiyya shufu'a ta abokin tarayya ce, wanda sunka haɗa mallaka ba a raba ba, maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da ita. A cikin hukuncin nan Mai Shari'a Wali yab bayyana cewa Shari'ar Musulunci daban take da al'ada, don ba ta wata ƙabila ba ce. To in ba al'ada ba ce, da wace hujja za a ɗora ta bisa sikelin al'ada? Ni dai a nan ina ganin magana ta ƙare.

Baba Magatakarda: Allah gafarta Malam, ba ta ƙare ba tukuna. Mi yas sa har Mai Shari'a yab buƙaci faɗin haka? Don dokokin da munka gada sun rubuta akasinsa ƙarara. Dokar kotunan gargajiya ta Arewa ta 1956, wurin fassarar kalmomi, cewa tay yi dokar gargajiya ta haɗa da dokar Musulunci. Da wanga layi guda anka zuba littattafan fiƙihun Malikiyya, Risala da Muhtasar da Tuhfa, cikin kwando ɗaya da al'adun kowace ƙabila.

Kuma an auna, ba faɗi kawai anka yi ba. A 1959, shari'ar Guri da Hukumar En'e ta Haɗeja. An tuhumi mutum da hiraba, fashi bisa hanya, anka yanke mishi hukunci bisa ƙa'idar cewa wanda shaidu sunka tabbatar ma wanga laifi ba a ba shi damar kare kai. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta lokacin ta rushe hukuncin, tac ce hana mutum kare kansa ya ci karo da adalci. Don haka Aminu bai yi ƙarya ba da yac ce an taɓa auna mu da shi. Abin da nika tambaya shi ne, a wagga shari'a, wa ad da gaskiya?

Malam Buhari: Baba, Allah shi ƙara girma, ai a nan ba mu buƙatar Bature shi koya muna. I'izari fa? Kafin alƙali shi yanke hukunci sai ya juya ga wanda hukunci zai hau kansa, shi tambaye shi ko shina da sauran hujja, ko shina da suka ga shaidun, a kuma rubuta cewa an yi mishi, gaban shaidu. Tuhfa ta kawo shi a fili. Hukunci nawa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ka rushewa don an manta da i'izari? Da cikin gida anka duba, da an iske abin da za a yi gardama da shi ba tare da an aro mudun waje ba.

Barista Hadiza: Na yarda da Malam a kan i'izari. Kuma yau da irin shari'ar Guri za ta dawo, sashe na 36 na Tsarin Mulki, haƙƙin a saurari mutum, shi zai kashe ta tun kafin a je ko'ina. Abin da nake so a lura da shi a maganar Mai Shari'a Wali shi ne, tambayar da ke gaban kotu ranar ita ce wa ke da shufu'a. Bambancin Shari'a da al'ada a hanya ya faɗe shi. Magana ce mai nauyi, kotuna suna ta kafa hujja da ita, ni ma ina ganin ita ce daidai. Sai dai ba ta ɗauki alƙalami ta goge sashe na 18 ba, kuma ba ta ce Musulmi ba su da al'adu ba.

Hajiya Luba: Ni fa in har akwai dokar da ke hana mugayen al'adu, me ya hana a yi amfani da ita a kan lefe da gara? Akwati goma sha, iyayen amarya su ci bashi don gara, talaka ya kasa aure. Wannan ai ya fi komai saɓa wa lamiri. Ku lauyoyi ku kai ƙara mana.

Barista Yakubu: Hajiya, damuwarki gaskiya ce, amma wannan sharaɗi ba ya fita farauta. Ba ya haramta al'ada, ba ya kama kowa. Yana aiki ne ranar da wani ya zo kotu ya ce a tilasta wa wani abu saboda al'ada ta ba shi. In dangin miji suka shigar da ƙara cewa dole a biya su gara, to ranar za a auna. Muddin mutane na yi da son ransu, ko don kunyar idon jama'a, wannan aikin malamai ne da masu sarauta da majalisar jiha.

Ni kuma ina tare da Aminu a kan a goge shi, amma dalilina daban. Ba na cewa ya mutu. Cewa nake yi mudu ne marar baki, kowane alƙali da inda yake tsayar da hannunsa. Lamirin wa? Tsarin Mulki yana da sassa masu lamba da kowa zai karanta. Mu tsaya a kansu.

Baba Magatakarda: Ku sauko ƙasa, mu aza gona a tsakiya, kowa shi gwada mudunsa bisa gare ta. A ce mutum ya rasu a ƙasar Wurno, ya bar fadama eka 8 da aka noman albasa da shinkafa. Iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, ɗiya maza 2, ɗiya mata 3. An yi jana'iza, an biya bashi, babu wasiyya. Mazan sunka ce a gidansu mace ba ta gadon gona, don in ta yi aure gonar gida ta koma hannun baƙo. Sunka ce za su riƙa aika ma 'yan'uwansu buhu bayan girbi. Kowa a zauren ga ya san ana haka. Matan sunka kai ƙara. Mi za shi faru?

Malam Buhari: Wagga ba ta kai ga zufa. Ƙaramar Kotun Shari'a za ta fara da tabbatar da mutuwa, da ƙidayar magada, da cewa gonar ta mamaci ce, da shaidu biyu adilai. Sannan rabo. Matar tana da sumuni tunda akwai ɗiya, eka 1 ke nan. Saura eka 7. Namiji rabon mata biyu, maza 2 kashi 4, mata 3 kashi 3, kashi 7 cif. Kowane namiji eka 2, kowace mace eka 1. In ƙasar ba ɗaya ba ce, wani gefe ya fi kusa da ruwa, sai a kira masu ƙima su yi mata kuɗi, a daidaita.

Al'adar da mazan sunka kawo kuwa ko zama ba ta samu. Mu ma muna da mudunmu, kuma ya girmi na Turawa nesa. Malikiyya na aiki da urfi ƙwarai, har ana cewa al'ada abin hukunci ce, amma da sharaɗin kada ta ci karo da nassi. Aya ta 7 ta Suratun Nisa'i ta ce maza na da rabo, mata na da rabo, abin kaɗan ne ko mai yawa. Babu inda anka cire gona. Shehu Usmanu da kansa irin wanga awo yay yi ma al'adun sarakunan Hausa cikin Kitabul Farƙi, har da ƙwace dukiyar mamaci da suka kira gado. Auna al'ada ba Gwamna Lugga na Turawan mulki yaz zo da shi garin ga ba.

Inda matan ka faɗuwa wuri biyu ne, kuma babu ruwan al'ada a ciki. Na farko, "na yafe". Ana tara su ranar sadakar uku ko ta bakwai, idanu jawur, a ce ku yafe ma 'yan'uwanku, su ce mun yafe. Bayan shekaru a kawo shaidun wagga kalma a ce kyauta ce. Alƙali mai lura zai bincika: da bakinta taf faɗa ko wani yaf faɗa a madadinta, da yardarta ko kunya da matsi sunka sa ta? Na biyu, shiru mai tsawo. Hauzi, wato riƙon abu tsawon lokaci har shi zama hujjar mallaka, tsakanin bare shekara 10 ne, in mai haƙƙi shina nan, shina gani, babu abin da yah hana shi magana. Tsakanin dangi an tsawaita shi har wajen shekara 40, don an san ɗan'uwa na kawaici. Buhun nan da aka aikawa ma, in an tabbatar da shi, hujja ce gare su, don shina nuna mazan sun san akwai haƙƙin wasu a ciki.

Aminu: To ai Malam ya gama mini aiki. An raba gona, mata sun samu, ba a ko ambaci lamirin Bature ba. Dokar Shaida ma, in ban manta ba, ba ta hawa kan shari'o'in da ba na laifi ba a irin waɗannan kotuna.

Barista Hadiza: Ba ka manta ba, sashe na 256 ne, ya cire Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da kotunan yanki da na gargajiya a ƙararrakin da ba na laifi ba. A gonar Baba kamar yadda ya ajiye ta, ka yi gaskiya. Yanzu bari in canza abu ɗaya. Gonar na nan, 'ya'yan na nan, amma mamacin ba Musulmi ba ne. A ce ɗan kasuwa ne Ibo da ya shekara talatin a Sakkwato, ya yi auren gargajiya, ya rasu bai bar wasiyya ba, abin da ya bari kuma gida ne da shaguna. Kotun Shari'a ba ta da hurumi a kansa. Jihar nan ba ta da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gargajiya. Magana za ta ƙare a Babbar Kotu, kuma 'yan'uwansa za su zo da al'adar garinsu cewa 'ya mace ba ta gado.

A nan Kotun Ƙoli ta ba da amsa biyu a 2014, ta ƙofa biyu daban. A shari'ar Ukeje da Ukeje, 'yar mamacin ce aka so a hana, kotu ta ce al'adar ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulki, wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko yanayin haihuwa. A shari'ar Anekwe da Nweke, bazawara ce a Awka aka so a fitar daga gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji, kotu ta ce wannan al'ada ta ci karo da adalci da lamiri. Hukuncin biyu suna ɗaure alƙalin Babbar Kotu a Sakkwato kamar yadda suke ɗaure na Anambra. Mutanen nan maƙwabtanmu ne a kasuwa, 'ya'yansu nan aka haife su. Duk wanda ya ce sharaɗin ya mutu a Sakkwato ya manta da su.

Barista Yakubu: Kin kawo 2014, ki bar ni in kawo abin da ya gabace ta, don shi ne hujjata. A 1997, shari'ar Mojekwu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bakin Mai Shari'a Niki Tobi ta yi tir da al'adar Nnewi da ke ba ɗan'uwa namiji gado ta tsallake 'ya'ya mata, ta ce ta ci karo da adalci. A 2004 magana ta isa Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Uwaifo ya ce wancan furuci ya wuce gona da iri. Bayan shekara goma kotun nan dai ta soke irin wannan al'ada. Shekara 17 lauya bai san abin da zai gaya wa marainiyar da ta zo ofishinsa ba. Wannan shi ne mudu marar baki.

Barista Hadiza: Yallaɓai, ka san dalilin 2004 kamar yadda na sani. Kotun Ƙoli ba ta ce al'adar mai kyau ce ba, kuma ɓangaren matan ne suka ci shari'ar a ƙarshe. Abin da ta ƙi shi ne a soke al'adar mutane alhali babu ɓangaren da ya roƙi haka a takardunsa, ba a kuma ba kowa damar yin magana a kai ba. Darasin aiki ne ga lauya. In kana so a kayar da al'ada, ka rubuta a martaninka cewa ko an tabbatar da ita, ba ta tsallake sashe na 18 ba. Ka jawo daga bakin shaidun abokin gaba abin da al'adar ke haifarwa a wannan gida: ina bazawarar za ta kwana, wa zai ciyar da yaran. Kuskuren da aka fi yi shi ne lauya ya ɓata ƙarfinsa yana musun cewa al'adar tana nan, dattawa uku su zo su rantse tana nan, ya tashi ba shi da madafa ta biyu.

Game da cewa mudun Ingila ne kuwa, Aminu, ga wadda za ta ba ka wahala. Shari'ar Dawodu da Danmole daga Legas. Mutum ya bar mata 4 da 'ya'ya 9. Al'adar Yarbawa da ake kira idi-igi tana raba dukiya ɗaki-ɗaki, kashi 4, ba kai-kai kashi 9 ba. Ka ga in wani ɗaki ɗa ɗaya ne, shi kaɗai zai kwashi rubu'i, ɗakin da ke da yara da yawa su raba rubu'i. Alƙalin farko, ɗan ƙasa, ya ce wannan ba daidaito ba ne, ya ƙi ta. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta mayar da ita, kotun ƙarshe ta Landan kuma a 1962 ta tabbatar, tana cewa ba a auna adalcin ƙasar da ake auren mace fiye da ɗaya da na ƙasar mace ɗaya. Ka ga a nan Turawan ne suka ƙi auna al'ada da mudun Ingila.

Aminu: Na karɓi wannan, ban san ƙarshenta haka ba ne. Amma misali ɗaya bai wanke shekara sittin na mulki ba, Anti.

Malam Buhari: Bai wanke ba. Amma in kana neman inda anka yi ma gadon Musulunci rauni na gaske, ba nan za ka duba ba. Duba shari'ar Adesubokan da Yinusa. Musulmi yar rubuta wasiyya irin ta Turawa, yaf fifita wasu ɗiyansa, yab bar ma ɗaya abin da bai taka kara ya karya ba. Mai Shari'a Muhammadu Bello, a Babbar Kotu, yac ce wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji. A 1971 Kotun Ƙoli taj juya hukuncin, tac ce dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 na aiki a ƙasar ga, ta ba mutum dama shi ba wanda yaga dama, kuma duk abin da yas saɓa mata shi ka kaucewa. Babu wanda yac ce rabon Alƙur'ani zalunci ne. Ta ƙofa ta biyu anka shigo, kamar yadda Hajiya Barista tac ce tun farko. Maganinsa kuma majalisa ce, shi yas sa jihohi irin Kaduna da Kwara sunka yi tasu dokar wasiyya da ta tsare hukuncin Musulunci ga Musulmi. Ko an goge maganar lamiri gobe, wanga rauni ba shi warkewa da haka.

Baba Magatakarda: Ku dawo Wurno, ban gama da gonar ba. An zo rabo, sai ƙanen mamacin yat tashi. Shi ba magaji ba ne, ɗiya maza sun tare shi. Yac ce fadamar ba ta wansa ba ce tun asali, gandun gida ce da hakimi yab ba kakanninsu, kuma al'adar wurin ita ce tana zama hannun babban namijin da ka noma a gidan, ba a raba ta, ba a fita da ita. Yanzu ba rabon mace aka musu ba. Cewa aka yi babu abin rabawa. Malam, ayar gado na raba abin da mamaci yab bari. Wa ka faɗin abin da yab bari?

Malam Buhari: Shaidu ka faɗi, Baba. Wa yas share dajin, wa ka biyan haraji bisa gare ta, an taɓa sayar da makamanciyarta ko jinginar da ita a wurin ba tare da izinin kowa ba? In mutanen wurin na saye da sayarwa, mallaka ce, ta shiga gado. Amma na yarda, a nan urfi ya dawo da ƙarfinsa, don shi ka nuna ko abin da anka ba kakan kyauta ce ko aro.

Barista Hadiza: Kuma a nan hanyar ɗaukaka ƙara take rabuwa, abin da ke cinye wa talakawa shekaru. Sashe na 277 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure, da riƙon yara, da wakafi, da kyauta, da wasiyya, da gado. Rigimar wa ya mallaki ƙasa ba ta ciki, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Magaji da Matari a 2000. In magada ne a junansu, wani ya danne abin da kowa ya yarda na mamaci ne, gado ne. Da zarar wanda ba magaji ba ya ce ƙasar tasa ce ko ta gidansu ce, ta koma rigimar mallaka. Wanda ya kai ta kotun da ba ta da hurumi, ko ya ci, ana iya rushe komai a sama a ce a koma farko. Alamar da za ka gane ita ce ka karanta da'awar farko yadda magatakarda ya rubuta ta: "a raba mana gadon ubanmu" aka ce, ko "ya fita daga gonata"?

In ta bi ta Babbar Kotu, ga Musulmi a gaban alƙali, a Sakkwato, ɗaya yana jingina da al'adar da ba ta cikin Muhtasar. Dole a tabbatar da ita, dole a auna ta.

Barista Yakubu: A auna ta da sashe na 42. Al'adar da ta ce sai namiji, bambancin jinsi ne, Ukeje ta wadatar.

Barista Hadiza: In baffan ya ce sai namiji, ta wadatar. In lauyansa mai wayo ne, ba zai ce haka ba. Zai ce sai wanda ke zaune a gidan yana noma da hannunsa, mace ko namiji. Ɗan da ya tafi Legas ma ba ya samu. Ina jinsi a nan? Ko ka ɗauki aron gona, inda mai ƙasa ya ce al'ada ta ba shi ya karɓe abinsa duk ranar da ya so, ko da albasa ta rage wata ɗaya a cire, bayan mai aro ya zuba taki da man injin ban-ruwa na wata uku. Wane sashe na Tsarin Mulki za ka karanta wa wannan manomi?

Malam Buhari: Mu dai muna da abin karanta mishi, ba a cuta ba a cutarwa. Wanda yay yi shuka da izini ana jira shi kwashe amfaninsa.

Barista Yakubu: Ga Musulmi a gaban alƙalin Shari'a, na ji. Ga wanda ba Musulmi ba, majalisa ta rubuta dokar aron gona mai wa'adi a fili, kowa ya san matsayinsa tun ranar shuka. Na fi yarda da wannan a kan in jira in ga lamirin alƙalin da ƙarata ta faɗa hannunsa. Amma na amsa cewa yau ba a rubuta ta ba, kuma in aka goge sharaɗin kafin a rubuta, manomin nan a Babbar Kotu hannu rabbana zai tsaya.

Aminu: Na janye kalmar ya mutu. Ban janye cewa a sake masa rubutu ba, a faɗi ƙarara cewa Shari'a ba ta cikin abin da ake aunawa da shi. Baba, a ganinka baffan nan zai ci?

Baba Magatakarda: Ya danganta ga abin da dagaci zai faɗa in an tambaye shi ko an taɓa sayar da fadama a wurin, da ko akwai takardar sayen da tsohon alƙali yas sa ma hannu. In an samu ko guda biyu, al'adar baffan ta karye tun wurin tabbatarwa, ba a kai ga awo. In ba a samu ba, kuma dattawa sunka tsaya bisa maganarsa, to sai a auna, kuma ban ga kun daidaita kan mudun da za a ɗauka ba. Hajiya Barista, ɗiyan nan mata uku, in ke ce lauyarsu, da wace ƙofa za ki fara?